Karanta Takardar Tsarin Kwas da Alƙalami a Hannu: Nauyin Maki, Wa'adi da Iyakar Kowane Gwaji a Jami'o'in Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi takardar tsarin kwas, wadda malami ke raba wa ɗalibai a farkon zangon karatu, a matsayin takardar da ake yi wa lissafi. Ta ɗauki kwas guda mai yunit 3 ta bi shi daki-daki, don nuna yadda ake gano ainihin makin da kowane gwaji ke ɗauke da shi, da yadda ake mayar da "mako na kaza" ya zama kwanan wata, da yadda ake sanin ɓangaren karatun da kowane gwaji zai taɓa. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, babban kaso na sakamakon ɗalibi yana tabbata ne tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma takardar ta riga ta gaya masa hakan in ya iya karanta ta.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa riƙe aikin jami'in jarrabawa ko mai kula da aji a sashe ya san ƙorafin da ke biyo bayan fitar sakamako. Ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, wallahi na yi ƙoƙari a jarrabawa, ban san yadda aka yi na samu C ba." Sau da yawa gaskiya yake faɗa. In an ciro takardarsa za a tarar ya yi ƙoƙarin. Abin da ya kayar da shi ya faru ne makonni da dama kafin nan, a wani rahoton aiki da bai kawo ba, ko wani gwaji da ya raina.

A 2002, Jay Parkes da Mary Harris sun bayyana cewa takardar tsarin kwas tana aiki uku: yarjejeniya ce tsakanin malami da ɗalibi, ma'adana ce ta abin da aka koyar, kuma kayan koyo ce. A wajenmu aikin farko ne ya fi rauni. Ɗalibi yakan karɓi takardar, ya duba jerin darussa da sunayen littattafai, ya ɗauki hotonta a waya, daga nan ba zai sake waiwayarta ba sai an kusa jarrabawa. Sakin layin da ke magana kan rabon maki, wanda galibi bai wuce layi biyar ba, shi ne ake tsallakewa, alhali shi ne ya fi kowane ɓangare tasiri a kan sakamako.

Kwas ɗin da zan yi amfani da shi da ɗalibar da za ta bi shi misali ne da na tsara, amma a kan sigar da muka saba gani. Gabatarwa ce ga ilimin ƙididdiga ga 'yan aji biyu, mai yunit 3, mai lacca da aiki a ɗakin kwamfuta.

2.0 Abin da takardar ba ta faɗa domin ta ɗauka an sani

Takardar tsarin kwas tana zaune ne a ƙarƙashin wasu takardu biyu, wato littafin jagoran ɗalibai da kalandar karatu ta jami'a. Su kuma suna bin mafi ƙarancin ƙa'idojin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa, waɗanda aka ƙaddamar da sabon salonsu a Disamban 2022. A tsarin da aka saba, yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca a kowane mako na tsawon makonni 15. Ana raba maki 100 gida biyu: ayyukan cikin zango, waɗanda ɗalibai ke kira si'e, suna ɗaukar 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe kuma 70 ko 60. Wanda ya samu 70 zuwa sama yana da A mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai daraja 4, 50 zuwa 59 C mai daraja 3, 45 zuwa 49 D mai daraja 2, 40 zuwa 44 E mai daraja 1, ƙasa da haka kuma faɗuwa ce. Wannan ma sai an tabbatar a littafin jagora, domin akwai fannonin da makin cinsu ya fi 40, kamar karatun likita inda ake neman 50. Haka nan sharaɗin halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a zauna jarrabawa yana nan a dokokin jami'o'i da yawa ko da malami bai rubuta shi a takardarsa ba.

3.0 Nauyin maki

Ga abin da takardar kwas ɗinmu ta ce: ayyukan cikin zango kashi 40, jarrabawa kashi 60. Sai ta ƙara da cewa gwaji na farko kashi 25, gwaji na biyu kashi 25, rahotannin aikin kwamfuta guda shida kashi 30, jingar rukuni kashi 20.

Matakin farko shi ne a tara lambobin nan huɗu. In jimlarsu ta ba da 40, to kowanne makinsa ne kai tsaye daga cikin 100 na kwas. In ta ba da 100, kamar yadda ta bayar a nan, to kason na cikin si'e ne kawai, kuma sai an sake lissafi. Gwaji na farko kashi 25 ne na 40, wato maki 10. Na biyu ma 10. Rahotanni kashi 30 na 40, wato 12, kowane ɗaya maki 2 ke nan. Jinga kuma 8. In jimlar ba ta ba da 40 ba kuma ba ta ba da 100 ba, akwai kuskure a takardar, kuma a makon farko ya kamata a nuna wa malami, ta hannun shugaban aji. Na ga takardun da aka kwafo daga ta bara aka cire aiki ɗaya ba tare da an gyara sauran lambobin ba.

Mataki na biyu ya fi rikita ɗalibai. Lambar da malami ya rubuta da jan biro a kan takardar gwaji ba ita ce makin da zai shiga sakamako ba. Malami yakan yi gwajin farko bisa 20, na biyu bisa 30, jinga bisa 40, gwargwadon yawan tambayoyi. Sai an mayar da kowanne ma'aunin kwas:

maki a sakamako = (abin da aka samu ÷ abin da aka yi gwajin a kai) × nauyin gwajin

Ɗalibarmu ta samu 14 bisa 20 a gwajin farko, wato maki 7 daga cikin 10. A na biyu ta samu 15 bisa 30. A idonta ta ƙaru, tunda 15 ta fi 14, amma a ma'aunin kwas maki 5 ne kawai. Jingar rukuninsu ta samu 30 bisa 40, wato 6 daga cikin 8. Rahotanni kuwa huɗu ta kawo, kowanne ta samu 8 bisa 10, wato 1.6, jimla 6.4. Biyun da suka rage ta bar su, domin a ganinta maki bibbiyu ba abin tayar da hankali ba ne, ga kuma wasu ayyuka sun taso mata a makonnin. Si'e ɗinta ya tsaya a 24.4 daga cikin 40.

Daga nan lissafin yakan juya baya, kuma wannan ne amfanin da na fi so ɗalibai su koya. Maimakon ta jira sakamako, tana iya sanin abin da take bukata a jarrabawa. Don ta samu B tana bukatar 60, an cire 24.4, saura 35.6 daga cikin 60, wato kusan kashi 60 cikin ɗari na takardar jarrabawa. Don ta samu A tana bukatar 45.6 daga cikin 60, wato kashi 76. Da ta kawo rahotannin nan biyu da irin ƙoƙarin da ta yi a sauran, da si'e ɗinta ya zama 27.6, B ta sauko zuwa kashi 54, A kuma ƙasa kaɗan da kashi 71.

A ce ta shiga jarrabawa ta ci kashi 57, wanda ba laifi. Wannan maki 34.2 ne, jimla 58.6, ta samu C. Da rahotannin nan biyu da 61.8 ne, B. Bambancin bai tsaya nan ba, saboda ana ninka darajar da yawan yunit: C a kwas mai yunit 3 maki 9 ne, B kuma 12. A zangon da ta ɗauki yunit 18, wannan giɓi na 3 yana rage matsakaicin makinta na zangon da kusan 0.17. Ga ɗalibar da ke kai-kawo a kan iyakar 3.50, inda babbar daraja ta biyu ke farawa, wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma rahotanni biyu masu shafi uku-uku ne suka jawo ta.

Wanda ya rasa si'e gaba ɗaya lamarinsa ya fi muni. A tsarin 40 da 60, sai ya ci 40 daga cikin 60, kusan kashi 67 cikin ɗari na jarrabawar, kafin ya tsira da E. Ƙoƙarin da zai ba wani B mai kyau shi ne zai fitar da shi daga maimaita kwas da ƙyar.

Akwai kuma auna nauyi tsakanin kwasa-kwasai, wanda babu takarda guda da za ta yi wa ɗalibi. In a mako ɗaya yana da gwaji mai maki 10 a kwas mai yunit 3 da jinga mai maki 15 a kwas mai yunit 1, lambar da ke kan takarda za ta ja shi ga jingar. In ya ninka kowanne da yunit ɗinsa zai ga 30 da 15. Ban ce a yi watsi da ƙaramin kwas ba, domin faɗuwa a cikinsa ma tana hana kammala karatu. Amma wanda lokaci ya ƙure wa, gara ya san inda awarsa za ta fi amfani.

Wasu kalmomi ƙanana suna sauya lissafin nan duka, don haka a neme su da gangan. In an ce za a ɗauki mafi kyawun rahotanni biyar daga cikin shida, kowanne ya koma maki 2.4, kuma rashin ɗaya ba asara ba ne. In an ce sai an ci rabin makin aikin kwamfuta kafin a ci kwas, to wannan ɓangare ya zama ƙofa, ko da nauyinsa 12 ne kacal. In kuma an ce za a iya yin gwajin ba-zata, sai a tambaya daga wane kaso makinsa zai fito.

4.0 Wa'adi

Takardunmu ba su cika rubuta kwanan wata ba. Sukan ce gwajin farko a mako na 5, jinga a mako na 9, gwaji na biyu a mako na 12. Malamai suna da dalili, domin kalandar karatu takan motsa. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da dama sun matse zangunansu don cike giɓi. Amma wannan ya bar wa ɗalibi aikin fassara mako zuwa rana.

Mako na ɗaya yana farawa ne daga ranar da kalandar jami'a ta ce a fara lacca. Ɗalibin da ya makara wajen rajista ya iso bayan mako biyu yakan ƙirga daga ranar da ya fara shiga aji, sai gwaji ya riske shi yana ganin yana da sauran kwana goma sha huɗu. Malamin da bai fara shiga aji ba sai a mako na uku shi ma yakan yi nasa ƙirgen daban. Tambaya ɗaya a ranar farko tana kashe wannan ruɗani: "Malam, wannan makon da muke ciki shi ne na nawa?" Sannan a tambaya ko hutun tsakiyar zango yana cikin ƙirge. Hutun Sallah kuwa yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara, kuma ainihin ranarsa sai an ga wata, don haka duk aikin da ya faɗo kusa da shi a ɗauka zai iya gusawa gaba ko baya, a kuma shirya kamar za a matso da shi kusa.

Idan an gama fassara makonnin, sai a zuba na duk kwasa-kwasan a takarda ɗaya. A nan ne cunkoso ke bayyana. Malamai takwas ko tara da ba su yi shawara da juna ba sukan sa gwaje-gwajensu a kusan lokaci ɗaya, bayan an yi karatun da ya isa a gwada da kuma dab da rufe lacca. Ɗalibarmu ta rasa rahotanninta biyu ne a irin waɗannan makonni. Da ta ga cunkoson tun makon farko, da ta fara jingar mako na 9 a mako na 6, lokacin da hannunta ke sake. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jingar rukuni musamman tana da wa'adodi na ɓoye da takarda ba ta ambata: ranar raba aiki, ranar tattara bayanai, ranar haɗa rubutu, da ranar bugawa a shagon kwamfuta, inda layi da ɗaukewar wuta kan cinye wuni guda.

Hukuncin makara ma sai an karanta shi da lissafi. Takardarmu ta ce za a rage kashi 10 a kowace ranar makara. Kashi 10 na me? In na cikakken makin ne, jingar da ta samu 30 bisa 40 kuma ta makara kwana biyu za ta rasa 8 ta koma 22. In na makin da aka samu ne, za ta rasa 6 ta koma 24. Ana ƙirga Asabar da Lahadi? Aikin da aka ce a kawo ranar Juma'a aka kai Litinin yana iya zama makarar kwana ɗaya ko ta uku. Amfanin sanin wannan shi ne yanke shawara: aikin da ya kai rabi a ranar wa'adi, in kwana ɗaya zai kammala shi, ya fi kyau a karɓi ragin kashi 10. Inda kuma takarda ta ce ba a karɓar aiki bayan wa'adi ko kaɗan, a miƙa abin da ke hannu. Wanda rashin lafiya ya hana shi gwaji ya nemi ƙa'idar gwajin ramuwa a littafin jagora, domin galibi ana neman shaidar asibitin jami'a cikin ƙayyadadden lokaci.

5.0 Iyakar kowane gwaji

A nan ana haɗa ɓangarori biyu na takardar da ke nesa da juna, wato jadawalin darussa mako-mako da jerin gwaje-gwaje. Gwajin mako na 5 zai taɓa darussan mako na 1 zuwa 4, wato tattara bayanai da matsakaici da yaɗuwar lambobi. Gwajin mako na 12 shi ne mai bukatar tambaya: daga mako na 5 zuwa 11 zai ɗauko, ko daga farko? Ko malami ya ce daga inda aka tsaya ne, a kwas irin ƙididdiga darussan suna hawa kan juna, kuma wanda bai iya lissafin yaɗuwa ba ba zai iya gwajin hasashe ba.

In aka ja layi daga kowane darasi zuwa gwajin da ya rufe shi, za a ga darussan mako na 12 zuwa ƙarshe ba su da layi ko ɗaya. Babu inda za a gwada su sai a jarrabawa, kuma malamin da ke son ya auna dukan kwas ɗinsa yana da ƙwaƙƙwaran dalilin kawo su can. Su ne kuma darussan da ake koyarwa a gurguje, lokacin da aji ya fara raguwa.

Tsarin takardar jarrabawa yana da nasa nauyin. A ce tambayoyi biyar ne, ta farko dole ce mai maki 24, sai a zaɓi biyu masu maki 18 kowacce. Ɗalibin da ya saba zaɓar darussa uku ya haddace ya bar sauran yana jingina kashi 40 na jarrabawar a kan sa'a, domin tambayar dole takan tsinto daga sassa daban-daban na kwas.

Sai manufofin koyo, waɗanda sababbin ƙa'idojin 2022 suka jera a ƙarƙashin kowane kwas. Abin lura a cikinsu shi ne kalmar aiki. Manufar da ta ce ɗalibi ya iya "bayyana" abu tana neman fahimta da rubutu. Wadda ta ce ya iya "lissafa" tana neman ya zauna ya warware misalai da hannunsa. Wadda ta ce ya iya "fassara sakamako" tana nufin za a ba shi lambobin da kwamfuta ta fitar ya faɗi ma'anarsu. Wannan matakala ta kalmomin aiki ta samo asali ne daga rabe-raben Benjamin Bloom da abokan aikinsa na 1956, kuma John Biggs ya zo a 1996 da ra'ayin cewa dole manufa da koyarwa da gwaji su dace da juna. Ɗalibarmu ta faɗi zuwa 15 bisa 30 a gwaji na biyu ne saboda ta haddace ma'anoni, alhali manufofin wannan ɓangaren duk "lissafa" suke cewa. Iyakar wannan dabara ita ce ta dogara da malamin da ya rubuta manufofinsa da niyya. Inda aka kwafo su don cika sharaɗi kawai, tambayoyin shekarun baya sun fi su faɗin gaskiya, muddin malamin da tsarin kwas ɗin ba su sauya ba.

6.0 Inda laifin yake namu

Duk abin da na faɗa yana aiki ne in akwai takardar. Akwai azuzuwan da ba a raba ta sam, akwai kuma waɗanda abin da ake rabawa jerin darussa ne da layi ɗaya mai cewa si'e 30, jarrabawa 70. Wannan tauye haƙƙin ɗalibi ne, ko da ba da nufi aka yi ba. Ba za mu zarge shi da rashin tsara lokacinsa ba alhali mun ɓoye masa abin da zai tsara shi a kai.

Haka nan sauyin da ake yi da baki. Malami ya ce a aji an soke gwaji na biyu, an mayar da makinsa kan jinga. A kwas ɗinmu wannan ya ɗaga jinga daga maki 8 zuwa 18, ta zama mafi nauyin aiki a si'e, wataƙila bayan an riga an miƙa ta. Wanda bai zo aji ranar ba ba zai sani ba, kuma in gardama ta taso babu abin da za a nuna wa shugaban sashe. Wani lokaci sauyin ba makawa ne, amma a rubuta shi da kwanan wata, a liƙa a allon sanarwa, a ba sashe kwafi, kuma kada ya shafi aikin da aka riga aka karɓa.

Shawarar da nake kawowa ba ta bukatar kuɗi. Kowane malami ya ware minti 20 na laccarsa ta farko ya yi wannan lissafi a allo tare da ɗalibai, da lambobin kwas ɗinsa: nawa ne kowane aiki daga cikin 100, wane kwanan wata ne kowane mako, wane darasi ne ke ƙarƙashin wane gwaji. Mai kula da aji kuma ya tattara takardun duk kwasa-kwasan ajinsa a mako na biyu ya zuba wa'adodinsu a shafi ɗaya. Inda ya ga gwaji huɗu sun haɗu a mako guda, a lokacin akwai sauran damar roƙon malamai biyu su matsa nasu. Sannan a fitar da makin si'e a liƙa kafin makon bita, domin lissafin baya da muka yi wa ɗalibarmu ba ya yiwuwa sai ta san cewa 24.4 take da shi.